Shekarar da Ruwa Ya Riga Babi na Shida

Ku matasa masu rubutu, labaran da kuke turo mini a waya ina karanta su, kada ku ce tsohuwa ta yi banza da ku. Abin da ke sa in kife wayar in tafi ba awaki dusa shi ne mugayenku. Tun shafin farko mugu ya shigo da jan ido, ya rufe ɗaki yana dariya shi kaɗai, yana cewa sai ya ga bayan wane. Na tsufa a ƙasar Konni, na ga masu cin amana, na ga masu shaidar zur, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna yana yi wa muguntarsa dariya ba. Duk wanda na sani ya cuci wani, da hujjarsa a baki ya yi, kuma sau da yawa hujjar tana da kyau.

Sana'ata rubuta ƙananan littattafai ce don ajin karatun manya, irin wanda ake buɗewa a ƙauyuka da rani idan an gama aikin gona. Masu karatuna manoma ne da matan gida waɗanda suka koyi baƙi da wasali bayan sun yi furfura. Suna bin layi da yatsa, suna ɗaga kalma ɗaya ɗaya kamar mai ɗora tulu. Mutumin da ya sha wannan wahala kafin ya kai ƙarshen jimla, ba ka da hakkin ka ba shi ƙarya.

A hannun Malam Garba na koya, Allah ya jiƙansa. Yana da wani ɗan buro, wato ofis, a Konni, da keken rubutu wanda ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Aikina na shekarar farko shi ne in bi takardar kakin da ya buga, in yi wa kowace ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarta da tsinken ƙarfe. Sannan mu ɗaura ta a injin da ake juyawa da hannu, mu naɗe takardun, mu ɗinke. Har yau idan na ji warin tawada sai in ga hasken hantsi yana shigowa ta tagar nan, takardu a shanye bisa igiya suna motsi a hankali.

Mugun farko da na rubuta ɗan kasuwar hatsi ne mai ɓoye gero sai ya yi tsada. Na ba shi ƙaton ciki da haƙorin zinariya. Malam Garba ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni.

“Ɗiyata, wanga mutum naki, mi shika so?”

Na ce, “Mugunta, Malam.”

“Babu mai tashi da sahe shi wanke ido shi ce bari in tai in yi mugunta. Tahi kasuwa ki zamna kusa da mai awon hatsi. Kak ki ce komi. Kasuwa ukku.”

Na je na zauna, raina a ɓace. A kasuwa ta biyu na ji mai hatsin yana faɗa wa wani cewa da kaka kowa rige-rigen sayarwa yake yi, in shi bai saya ya adana ba motocin wata ƙasa za su kwashe, to da bazara wa za a zo wa? Na dawo na gaya wa Malam Garba cewa ina jin mutumin nan yana da gaskiya. Ya yi murmushi ya ce yanzu na samu rabinsa. Sauran rabin shi ne in gano ranar da wata mata ta tsaya gabansa da kwano, ya san ta, ya san gidanta, ya kuma kau da kai. Ya ce mugu a littafi mutum ne da ya ɗauki gaskiya ya wuce da ita inda ya kamata ya ajiye ta.

Nomau kuwa, mugun littafin da zan ba ku labarinsa, a hanya na tsince shi, bayan rasuwar Malam Garba da shekaru. Ina cikin mota daga Illela zuwa Malbaza da tsakar rana, motocin siminti suna wuce mu, hanya tana rawa saboda zafi. Tsakanin barci da farke na hango wani mutum tsaye a bakin wani kwari da ruwa ya haƙa, da hauya a kafaɗa, yana kallon ramin. Ba ya yin komai, kallo kawai yake yi. Mota ta wuce, amma shi bai wuce ba. Ya bi ni gida. Ina tankaɗe yana zaune bakin tabarma, ina ɗinki yana tsaye a inuwar bishiyar bedi da hauyarsa. Sai da ya yi wata guda a gidana kafin na gane cewa ramin nan da yake kallo gonarsa ce.

A daidai lokacin aka nemi in rubuta littafi a kan burtali, wato hanyar da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki, wadda makiyaya ke bi su hau arewa da farkon damina su sauko bayan girbi. Masu aikin suna son manomi mai cin burtali ya fito a mugu, a yi tir da shi. Na ce to, amma na san in na ba shi jan ido babu manomin da zai ce ni ne.

Ga yadda na gina shi. A babi na ɗaya Nomau bai yi laifin komai ba. Ruwa ya cinye rabin gonar da ya gada, bakuna tara ke jiransa, bara kuma shanu sun shiga ɗan abin da ya rage aka ce ya yi haƙuri. Na bar mai karatu ya zauna da shi a wannan rashi har ya ji shi a cikinsa. A babi na biyu ya dubi burtalin da ke jikin gonarsa, ƙasa baƙa da taki, a kwance wata goma babu mai taka ta, ya shuka layi uku kacal. Matakin farko dole ya zama ƙarami, irin wanda mai karatu zai ce ko ni ne zan yi. A na uku ya matsar da turken simintin da ke nuna iyaka. A na huɗu maƙwabta suka ga ya ci riba suka bi sahu. A na biyar aka kira su ƙofar maigari, Nomau ya tashi ya yi magana.

Maganar nan na shafe mako biyu ina rubuta ta, domin ƙa'ida ce: hujja mafi ƙarfi a littafi a bakin mugu ake sa ta. In ka raunana ta don jaruminka ya yi nasara, mai karatu zai ji ƙamshin maguɗi. Nomau ya ce kakanninmu sun yanka burtali lokacin da mutanen garin ba su cika masallaci ɗaya ba, yau ga mu kamar tururuwa, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Ya ce saniya tana da ƙafa huɗu, tana iya zagayawa, gero ba shi da ko ɗaya. Ya ce a nuna masa wanda zai dubi ɗansa mai kukan yunwa ya ce masa yi shiru, wancan fili na shanu ne. Da na gama rubutawa na karanta wa kaina, sai na ji ina gyaɗa kai. Na ji daɗi, na ce aiki ya yi.

Duk nauyin na tara shi a babi na shida da na bakwai. A can ne makiyaya ke isowa su tarar hanya ta tsuke. A can ne mai karatu zai fara ganin Altine, Bafillatanar da ta riƙa kawo wa uwar Nomau madara kullum lokacin jinyarta. Shanu ba su shiga gonar Nomau ba, sai shi da kansa ya kora saniyar Altine ciki don a samu dalilin hana su hanyar gaba ɗaya. Ya tsaya gaban mutane ya ce ɓarna aka yi masa. Matasa suka fusata suka nufi ruga da wuta, shi kuwa yana tsaye, ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta tsayar da su, bai faɗe ta ba. Dabarata ita ce mai karatu ya bi Nomau babi biyar yana cewa gaskiya ne, sannan ya waiwaya ya ga inda amincewarsa ta kawo shi.

Dabarar tana da kyau a takarda. Abin da na manta shi ne yadda ake karatu a ajinmu, ni da na fi kowa sani. Sabon mai karatu babi ɗaya yake ci a mako. Littattafan ba a zuwa da su gida, a akwatin ƙarfe na malamin aji suke kwana. Aji kuma ba shi da ranar rufewa sai ranar da ruwan shuka ya sauka. A shekarar bugun littafin ya makara, ruwa kuma ya yi sammako. Ina tsakar gida ina jin ƙamshin ƙasa, ina murna kamar kowa, ban ko tuna da Nomau ba. A ƙauyuka kuwa an kulle akwati a ƙarshen babi na biyar, mutane suka ɗauki sungumi suka fita gona da maganarsa a bakinsu.

Bayan kwana goma sha wani abu Malam Isa ya iso gidana a kan moto, wato babur, laka har gwiwa. Shi ke koyar da ajin maza a wani ƙauye bayan Tajaye. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

“Malama, Nomau naki ya shiga garinmu.”

Na ce ban gane ba.

“Baba Sahabi, wanda yaf hi kowa karatu cikin ajina, ya haddace maganar ƙofar maigari tun daga hwarko har ƙarshe. Ya shibka layi biyar cikin burtali. Mutum shidda sun bi shi. Maigari ya yi magana, Baba Sahabi yac ce mai ai cikin littahi anka rubuta, kuma gwamnati ta kawo littahin. Ga shanu sun taso daga kudu, ba su wuce kwana bakwai ba su iso.”

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na san abin da ke faruwa idan garke ya iso ya tarar da hanya a tsuke, ai ni na rubuta shi a babi na bakwai.

Ranar Juma'a muka tafi, don ita ce ranar da ake barin gona da wuri. Hanyar ta yi kore shar, ruwa kwance a kwazazzabai yana ɗauke da sararin sama, balbelu suna bin garma. Ina bayan moto ina ganin Nomau a kowace gona, nan yana duƙe, can yana miƙe, ko'ina da hauyarsa. Na yi ta ce masa a zuci, kai da na ɗauko a bakin rami don tausayi, dubi abin da ka ja mini. Bai amsa ba, dama ba shi da yawan magana sai a ƙofar maigari.

Bayan sallah aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, Malam Isa ya buɗe akwatin ƙarfe. Baba Sahabi dattijo ne dogo, busasshe, da ƙaramin gemu fari. Ya gaishe ni da girmamawar da ta ƙara mini kunya.

“Malama, ke kir rubuta Nomau? Allah shi yi miki albarka. Shekara arba'in maganar ga tana cikina, ban san yadda ni ka hiddo ta ba sai da nik karanta ta.”

Na yi niyyar in tsaya in yi musu wa'azi, sai na tuna ba sana'ata ba ce. Na ce, “Baba, littafin bai ƙare ba. Saura babi biyu. An ce ka fi kowa karatu, ina so in ji su daga bakinka.”

Ya ji daɗi. Ya goge hannu a riga, ya ɗora yatsa a layin farko. Karatunsa a hankali yake, yana tsayawa gaban doguwar kalma ya zagaya ta kafin ya shiga. Wannan jinkiri ya yi mini aikin da alƙalamina bai yi ba. Da Altine ta shigo da ƙwaryar madara mutane suka yi murmushi, wani ya ce kamar wance, ya kira sunan wata da duk suka sani. Da garke ya iso bakin gonaki mutane suka ƙara matsowa. Iska tana kaɗa ganyen tsamiya yana zubo masa a shafi, yana sharewa da bayan hannu yana ci gaba.

Ya kai inda Nomau ya kama igiyar saniyar. Ya karanta: “Ya duba gabas, ya duba yamma.” Sai yatsan ya tsaya. Ya koma farkon layin ya sake karantawa, wai ko shi ya yi kuskure. Ya ɗago kai.

“Malama, nan akwai ɓata. Nomau ba ya yin haka.”

“Me zai hana shi, Baba?”

“Mutumen kirki na. Yunwa ta ad damuwatai.”

“Ita ce har yanzu. In shanu suka wuce lafiya bana, baɗi za a ce ya tashi daga burtali. Ka ba shi wata dabara in ba wannan ba.”

Ya tsaya neman dabarar, na ga yana nema da gaske. Sannan ya sunkuya ya ci gaba. Ya karanta shaidar zur da muryar da ya saba karanta maganar ƙofar maigari, don bakin mutum ɗaya ne, kalmomin ma kusan iri ɗaya ne, da gangan na yi haka. Ya karanta har wutar ruga, har inda Altine ta wuce ta gaban Nomau da ƙwarya a ka ba ta dube shi ba. A littafin ba a kama Nomau ba, bai kuma tuba ba. Ya girbe geronsa, rumbu ya cika, labari ya ƙare yana zaune a inuwarsa.

Wani daga baya ya ce, “To shi ke nan? Ba a yi mai komi ba?”

Baba Sahabi ya rufe littafin ya riƙe shi da hannu biyu.

“Malama, don mi ba ki hwaɗa muna tun hwarko mugu na ba?”

“Da na faɗa, da ka haddace maganarsa?”

Ya miƙa wa Malam Isa littafin, ya sa takalmi ya tafi, taro ya watse babu sallama mai daɗi. Na kwana a gidan maigari wurin matansa, ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Da hantsi na bi hanyar burtali ni kaɗai. Daga nesa na hango mutum tsaye da hauya a kafaɗa yana kallon ƙasa, har na ɗauka Nomau ne ya fito fili. Baba Sahabi ne. Geron ya kai tsawon tafin hannu, kore mai kyau, ya fi na cikin gonarsa nesa ba kusa ba. Ya riga ya kafce layi uku, shukar tana kwance tana yaushi. Biyu na jikin gonarsa suna tsaye.

Na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba.

“Biyun ga ba ni taɓa su,” in ji shi. “Shanu na iya wucewa haka. Kuma kak ki ce na bar maganar Nomau. Har yanzu shina da gaskiya. Shi na abin da ad dame ni.”

Na ce na ji.

“Amma littahinki akwai ƙarya guda ciki.”

Na ce ya nuna mini.

“Kin ce ranar da Nomau yash shibka layi ukku bai ji komi ba sai daɗin ƙasa. Ba haka a ka yi ba.” Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan takalmin roba, ƙafa ɗaya, na ƙaramin yaro, duk ƙasa. “Ranar da ni ka shibka nig gane shi cikin ramen sungumi. Na san na ɗiyan masu wucewa na. Na zuba iri bisa, nit take da dudduge, nis shige. Kwana goma sha bakwai na san wurin da shike. Yanzu nit tono shi.”

Ya miƙo mini, na karɓa.

A wurin na gane kuskurena, kuma ya fi maganar ruwa da akwati girma. Na ba Nomau babi biyar masu santsi, na ajiye duk ƙaiƙayin a ƙarshe, alhali mai yin abin ya san yana yi tun ranar farko. Mai karatu yana iya ajiye littafi a kowane shafi, saboda haka kowane babi sai ya ɗauki ƴar tsakuwarsa, yadda mutum zai gyaɗa kai amma haƙorinsa ya taɓa wani abu. Da aka sake bugu na sa Altine da madararta tun babi na ɗaya. A na uku na sa Nomau ya jira sai hanya ta yi shiru kafin ya taɓa turken. A ƙofar maigari ban rage wa maganarsa ko kalma ɗaya ba, sai dai mutumin da ya saba cewa Altine yanzu cewa yake yi waɗancan, ita kuma tana tsaye a gefen taron tana ji.

Mutum huɗu cikin shidan sun bi Baba Sahabi sun kafce nasu, biyu suka ƙi. Shanu suka iso ranar Talata. Sun wuce a tsuke, makiyaya suna tare su da sanduna hagu da dama, an yi cacar baki, ba a zub da jini ba. Ni dai, ban da gyaran wannan, daga shekarar ba a ƙara ba ni aikin wani littafi ba sai da aka canza masu aikin, kuma ban ga laifinsu ba.

Takalmin yana nan a cikin gwangwanin da nake ajiye alƙaluma. Ya shiga babi na biyu, jimla uku kacal, yadda dattijon ya faɗa mini. Da rani ya zagayo Malam Isa ya ba sabon ajinsa sabon bugun. Ya ce da suka iso wurin wani ya ce a tsallake layin nan, ba ya son sa. Baba Sahabi, wanda ya zo sauraro kawai, ya ce daga inda yake zaune:

“A'a. Karanta shi. Sannu sannu.”